Maganin Mai Rago

Zaidu ne ya ba Husaina maganin tumaki, ita kuwa ta sha.

Husaina matar Mani ce, mai amalanken jaki a Ɗan Kassari. Zaidu kuma ɗan wan Mani ne. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ubansa Iro yana yawon cin rani a kudu, sai aka miƙa wa Husaina shi. Ita ta goya shi tare da 'yarta Karima, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda. Mani ne ya ja shi zuwa lakwal, wato makarantar boko, yana kuka, ya ce gidan nan sai an sami mutum ɗaya da zai riƙa duba musu takarda. Yaro ya yi boko har kolej, ya bari, ya shiga kasuwa. Yanzu yana da shago a Dogon Dutsi, bakin kwalta, kusa da tasha. Ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, kuma kowa ya shaide shi a kan ba ya tauye mudu. In Mani ya zo gari ba ya cewa shagon Zaidu, sai dai ya ce shagon ɗana.

Gab da faɗuwar damina Husaina ta fara ciwon ciki. Ta rame, abinci ba ya zama mata, matan unguwa suka ce tsutsa ce. Ba ta kwanta ba. Kullum tana gindin bango da kabarta, ja da kore da baƙi, tana saƙar faifai, don a Ɗan Kassari babu mai fitar da zane kamar ita. Da ranar kasuwar Dutsi ta zo Mani ya ɗaura jakinsa, ya ɗora buhunan waken mutane, ya ce zai taho mata da magani.

Ya tarar da shagon a cike. Zaidu na miƙa sukari da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya a kunne. Da ya hango Mani ya kashe wayar, ya fito ya karɓi hannunsa.

"Baba, sannu da hanya. Ina Inna?"

"Tana can, cikinta ya hana ta sakat. An ce tsutsa ce. Ni dai farmasi za ni, na ce bari in fara gaishe ka."

"Haba Baba, ina nan za ka je farmasi? Jiya-jiya aka kawo mini sabo daga ƙetaren iyaka. Wanda ya kawo ya ce bai taɓa ganin mai ƙarfinsa ba."

A ƙarshen kanta akwai ɗan lungu da Zaidu ke jera magunguna, na ciwon kai da na mura da na tsutsa, tsakanin sabulu da batir. Ya janyo wani kwali fari mai ratsin kore. Mani ya san irin kalar, don ya sha ganin ta a jikin maganin tsutsar da ake ba yara. Amma wannan akwai ɗan kan rago a kusurwarsa.

"Wannan ragon fa?" in ji Mani.

Zaidu ya yi dariya. "Tambari ne, Baba. Ga maganin sauro mai zakara, ai ba zakara ake kunna wa ba. Ga man zafi mai damisa. Wannan kuma mai rago."

Mani ya yi murmushi, don haka ne. A kasuwa babu mai kiran kaya da sunan da aka rubuta, da dabbar jikinsa ake kiransa. Akwai rubutu ƙanana a ƙarƙashin ragon. Mani bai iya karatu ba, Zaidu kuwa ya iya, amma wayarsa ta sake kuka. Ya zaro kati ɗaya, ya sa almakashi ya raba shi, ya miƙa wa Mani ƙwaya shida, farare, masu ɗan tsawo.

"Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, har su ƙare. Kada ta bar ko ɗaya."

Mani ya sa hannu a aljihu, Zaidu ya riƙe hannun. "Innata ce fa."

Da yammar nan Husaina ta sha ta farko da ruwan randa. Ta ce ƙwayar ta yi girma, sai da ta karya ta biyu. Ta ɗaga katin tana juya shi, ta ce Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Ba ta kai rabin maganin ba jiri ya fara ɗibar ta. Kanta ya yi nauyi, ƙafafunta suka riƙa yin kamar ba nata ba. Mani ya je wurin mai shayi ya ari waya, aka danna masa lambar Zaidu. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya koma da azahar, ya koma bayan la'asar, haka dai. Ya dawo ya ce wa Husaina ko ta dakata har a samu yaron.

"Malam, magani ne yake aiki," ta ce. "Shi ya ce kada a bar ko ɗaya. Ɗana ba zai ba ni abin da zai cutar da ni ba."

Ta shanye.

Bayan kwanaki kaɗan Mani ya dawo daga gona ya tarar da ita da faifai a cinya. Ya tsaya yana kallo. Inda ya kamata ja ya bi kore ta sa baƙi, ta sake sa baƙi, ba ta sani ba.

"Wa ya hura wuta a gidan nan?" ta ce. "Hayaƙi ya cika ko'ina."

Babu wuta a gidan. Washegari ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa ta kifar da ita. Da aka ƙara kwana ba ta iya bambanta ƙofa da bango.

Mata suka cika gidan. Wata ta ce doguwa ce ta shafe ta a hanyar rijiya, wata ta ce a kira masu goge a yi wasa tun iskan bai zauna ba. Aka yi turare, aka shafa mata wani abu a goshi. Mani bai hana ba, bai kuma tsaya jiran su ba. Ya aika wa Karima ta zo daga gidan mijinta, ya shimfiɗa tabarma a amalanke, suka kwantar da Husaina, ya kama hanyar Dutsi cikin rairayi. A aljihunsa akwai katin nan da babu komai a ciki, ya tsince shi a gindin randa.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta da yawan magana. Ta haska wa Husaina fitila a ido, ta daɗe tana kallo, ta kashe ta sake kunnawa.

"Baƙin idon ya buɗe, ba ya motsi da haske," ta ce. "Baba, me ta sha kwanan nan? Saiwa, ganye, ƙwaya, komai."

Mani ya miƙa mata katin. Ta kai shi bakin taga. Almakashi ya bi ta tsakiyar sunan, inda ya rage kuma farcen Husaina ya yage shi wajen ɓallo ƙwayoyin.

"Ba ya karantuwa. Ina kwalinsa?"

"Yana wurin ɗana. Shi ya ba ta."

"Farmasi gare shi?"

"Shago gare shi. Amma ya yi boko."

Likita ta dube shi, ta ce ya kawo kwalin, yau.

Kafin Mani ya fita, Zaidu ya iso, labari ya riga ya kai masa. Ya zo da kwanon shinkafa da sabon zane. Ya durƙusa gaban gadon, ya kama hannun Husaina, hawaye na bin gemunsa. Ita ce ma take rarrashinsa.

"Na yi ta kiran ka," in ji Mani.

"Wayar ce ta lalace, Baba. Tana wurin mai gyara."

"To, likita na son kwalin maganin nan."

Zaidu ya share fuska. "Zan duba. In ba a zubar ba."

Da la'asar ya dawo da kwali fari mai ratsin kore, ya ba Mani a bakin ƙofa, ya ce shi ya bar shago a buɗe. Mani ya kai wa likita. Ta karanta, ta zaro katin da ke ciki, ta ɗora shi kusa da wanda Mani ya kawo.

"Wannan maganin tsutsa ne na mutane, kuma ba a san shi da makantarwa ba," ta ce. "Amma duba nan. Gurbin ƙwayar naka ya fi wannan girma. Katinka bai fito daga wannan kwali ba."

Mani ya dubi kwalin. Babu rago a kusurwa. Ya gani, ya kawar da kai. Ya ce a ransa kamfani ɗaya kan yi kwali iri biyu.

"Ɗana ba ya ƙarya," ya ce.

"Ban ce ya yi ba. Na ce katin..."

"Na ji abin da kika ce. Ni na rene shi. Ki nemi ciwon a wani wuri."

Ta neme shi. Aka ɗebi jini, aka duba zazzaɓin cizon sauro, aka duba suga, aka duba sanƙarau, ba a ga komai ba. Kwanaki suka wuce ana ƙarin ruwa. Zaidu na zuwa kullum da kwanon abinci, yana zama yana karanta mata addu'o'i a tafin hannu, masu jinya na gefe suna cewa wannan baiwar Allah ta yi dacen ɗa. A ƙarshe likita ta ce a kai ta Yamai wurin masu duba ido, su suke da na'urar ganin bayan ido.

Mani na da rago guda da yake turkawa don layya. Ya koma gida ya kwanto shi, ya shiga da shi kara ranar kasuwa.

Kara ta cika, layya ta matso. Yana jiran dillali sai ya ga mutane sun kewaye Inusa, malamin dabbobi, wanda kowane mai kiwo a yankin ya sani. Wani makiyayi ya kawo 'yan raguna daga fadama, sun rame, haɓarsu ta kumbura. Inusa kan dafa bayan kowanne ya kimanta nauyinsa, ya karya ƙwaya daidai da shi, ya tura masa a maƙogwaro, ya shafa masa shuɗi a goshi.

"Shuɗin nan don kada ka manta ka sake kawo mini shi," yake ce wa makiyayin. "Sau ɗaya ake ba su. Kuma ban da yanka su a layyar nan, maganin yana daɗewa a nama. Tunkiyar da kake tatsa ma kada ka kawo ta kusa."

Ya jefar da katin da ya ƙare. Ya faɗi kusa da ƙafar Mani. Mani ya duƙa ya ɗauka, ya fito da nasa, ya haɗa su. Gurbi ɗaya, launi ɗaya.

"Malam Inusa, wannan maganin mene ne?"

"Na tsutsar hanta, Baba. Ragonka kuwa lafiyarsa lau, kada ka ɓata shi."

"In ga kwalin."

Inusa ya ciro shi daga jaka. Fari mai ratsin kore, da ɗan kan rago a kusurwa. Mani ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun.

"Karanta mini nan."

"Usage vétérinaire. Wato na dabbobi kawai. Nan kuma an jera waɗanda aka yi shi dominsu, ovins, caprins, tumaki da awaki. Wannan layin shi ne abin dubawa kafin komai. Kala ba ta faɗa maka komai, hoto ma wani kwalin ba shi da shi."

"Mutum fa, in ya sha?"

Inusa ya daina abin da yake yi. "Ba a taɓa yin sa don mutum ba. Kulosantel ake ce masa. Ko rago ka zarce masa awo yana makancewa, ka gan shi yana karo da garka. Me ya sa kake tambaya?"

Mani ya ƙura wa kwalin ido. Ya ce, "A ina ka samo shi?"

"Wurin Zaidu mai shago, na bakin tasha. Ai abin dariya ne, in ba don haɗarinsa ba. Na shiga sayen ganyen shayi na gan shi jere da maganin ciwon kai. Na ce kai ɗan boko, ina idonka? Na sa shi ya karanta da bakinsa. Sai da ya zauna. Na tambaye shi ko ya sayar wa wani, ya ce ko ƙwaya. Na ce to ga kati an yanka. Ya ce a haka aka kawo masa. Na kwashe sauran don kada su kwana a can."

"Yaushe?"

"Washegarin kasuwa, wadda aka yi kafin ruwan farko. Da safe ne, yana buɗe shago."

Mani ya tsaya da igiyar rago a hannu. Kasuwar da aka yi kafin ruwan farko ita ce wadda ya zo da waken mutane. Da safen nan Husaina ƙwaya biyu kawai ta sha. Tana zaune gindin bango tana saƙa, idonta garau, sauran huɗu suna cikin kwalla. Shi kuma bai ma je wurin mai shayi aron waya ba tukuna.

"Baba," in ji Inusa a hankali, "wa ya sha?"

"Ba ni aron kwalin nan."

Dillali ya zo ya taya ragon, Mani ya sallama a tayin farko. Inusa ya rufe jakarsa ya bi shi har asibiti.

Likita ta karanta kwalin gaba da baya, ta yi magana da Inusa da Faransanci, ta buga waya Yamai. Sannan ta zaunar da Mani.

"Yanzu mun san abin da muke nema. Ba zan ɓoye maka ba, ba shi da makari. Yana taɓa jijiyar ido, kuma yana daɗewa a cikin jini kafin ya fita. Wasu ganinsu kan ɗan dawo, wasu ba ya dawowa. A Yamai za su gwada abin da za su iya, gobe da safe ku tafi."

"Da a ce biyu ta sha?"

"Ba zan rantse maka ba. Amma biyu ba shida ba ne. Yawan da aka sha shi ne yawan ɓarnar. Kuma da na ga kwalin nan ranar da kuka zo, da tuni kuna can."

Mani ya sunkuyar da kai. "Na yi miki faɗa ranar nan."

"Bar wannan. Abu ɗaya ya rage. Dole in rubuta rahoto, kuma jandarma za su tambaye ka inda aka samo shi. Ba don komai ba, in akwai wani da aka yanka wa irin katin nan, a same shi kafin ya shanye."

Ya shiga ɗakin. Husaina na zaune a bakin gado, fuskarta na duban inda ta ji ƙarar takalminsa, amma dubanta ya ɗan kauce masa kaɗan. Karima na taje mata kai. Ya zauna ya faɗa musu duka, bai rage ba, bai ƙara ba. Karima ta fasa kuka. Husaina ba ta yi ba. Ta lalubo kwanon da Zaidu ya kawo da rana, ta tura shi gefe da bayan hannu.

Magana ba ta kwana a Dutsi. Kafin la'asar ta yi sanyi Iro ya iso a kan kabu-kabu, da Zaidu a bayansa. Iro ya tsufa, amma har yanzu shi ne babban gida, kuma Mani bai taɓa ɗaga masa murya ba. An fito da Husaina shan iska a inuwar bishiyar bedi a tsakar asibitin. Mani ya tashi ya ba wansa tabarma. Zaidu ya tsuguna nesa, bai ɗago kai ba.

Aka gaisa. Iro ya yi wa Husaina sannu, ta amsa. Ya gyara murya.

"Mani, na ji abin da ya faru. Na zage shi, na mare shi a gaban matarsa. Kuskure ne, kuma kuskure ba a kansa aka fara ba."

"Bai karanta ba," in ji Mani. "Wannan shi ne kuskure. Ni ma na ga ragon na yi dariya." Ya juya. "Zaidu."

"Na'am, Baba."

"Wayarka ta lalace?"

Zaidu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Ba ta lalace ba."

"Ka ga kiran?"

"Na gani. Baba, wallahi na ɗauka ba zai yi komai ba. Na ce tsutsa tsutsa ce, abin da tunkiya ta sha ta tashi ba zai kayar da mutum ba. Na ce in na faɗa za a rufe shagon, a tafi da ni, mutanen masallaci su ji. Kullum sai in ce gobe zan kira. Da na ji an kawo ta kuma sai tsoron ya fi na da."

"Shi ya sa ka kawo mini wani kwali in kai wa likita da hannuna."

Zaidu ya rufe fuska.

Husaina ta juyo wajen muryarsa. "Zaidu, lokacin da kake zama nan kana tofa mini addu'a, ka san abin da ke idona?"

"Inna..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai, ta ja mayafinta ta rufe ƙafafunta.

Iro ya matso kusa da ƙanensa, ya sassauta murya. "To, ya amsa laifinsa. Yanzu sai a duba gaba. Shi zai ɗauki mota gobe, shi zai kai ku Yamai, duk abin da aka nema a can a wuyansa yake. Ko shagon ne sai ya sayar. Abu ɗaya nake roƙo. In jandarma suka zo, ka ce wurin masu tallar magani a keke ka saya, irin waɗanda ke bin kasuwanni. Wa ya san su, wa ya san inda suka nufa? Inusa zan same shi da kaina. Kwalin nan ma ai ba sunan kowa a jikinsa."

Mani ya dubi Zaidu. Ya tuna shi ranar da ya kawo takardar cin jarrabawa, yana karanta musu ita a tsakar gida da ƙarfi, su ba su gane ko kalma ɗaya ba, Husaina na guɗa. Don wannan aka sa shi lakwal. Layi ɗaya ne a jikin kwali, kuma ya karanta shi da bakinsa tun idonta na gani.

"Na sayar da ragona," ya ce. "Motar asibiti za ta kai mu."

"Ba maganar mota nake ba. Ɗaure shi ba zai dawo mata da ido ba."

"Ba zai dawo ba."

"To me za ka samu? Ɗana ne, amma kai ka rene shi. Matarsa na da ciki. Ka so a ce a Arewa duka Mani ya kai ɗan wansa gidan kaso? Da wane ido za mu dubi juna a wurin suna da jana'iza?"

Mani ya dubi matarsa. Tana zaune fuskarta a rana, inuwar ta gusa ta bar ta, idanunta a buɗe ba ta ƙifta ba. Ya tashi ya ja tabarmarta cikin inuwa, ya dawo ya zauna.

Iro ya kama gefen rigarsa. "Ban taɓa roƙon ka komai ba tun da aka haife ka. Yau na roƙe ka. Mai keke, kalma biyu ce. Ka faɗa musu haka."

Mani ya zare rigarsa daga hannun wansa a hankali.

"A'a, Yaya," ya ce. "Ba zan faɗa ba."